IF a cikin IF, ko IFS, ko tebur? Yadda za ka zaɓi hanyar sake rubuta doguwar fomula

Doguwar fomular IF takan lalace ta hanya biyu. Ta farko mai surutu ce: ka danna Enter, Excel ya ƙi karɓa, ya ce akwai matsala. Ta biyu kuma shiru take yi: fomular ta shiga lafiya, lambobi sun fito, amma wasu daga cikinsu ba daidai ba ne, kuma babu wani jan rubutu da zai faɗa maka. Duk biyun sukan samo asali ne daga baka ɗaya da ya ɓace ko ya zauna inda ba wurinsa ba. Wanda ya tsinci kansa a nan yana da zaɓi huɗu: ya gyara IF ɗin ya tsara ta, ya koma IFS, ya fitar da lambobin zuwa ɗan tebur ya nemo su da VLOOKUP ko XLOOKUP, ko kuma ya rarraba aikin zuwa matakai. Ba wadda ta fi sauran a kowane hali, amma ga irin aikin da ya fi haifar da doguwar IF, akwai wadda nake ganin ta yi musu nisa.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Shafi ne na lissafin rangwame. Ginshiƙin B yana ɗauke da yawan kayan da aka saya, ginshiƙin C kuma yana nuna ko mai sayen dila ne. Ƙa'idar ita ce: ƙasa da guda 10 babu rangwame, daga 10 ana rage 5%, daga 50 ana rage 8%, daga 100 ana rage 12%, daga 500 zuwa sama ana rage 15%. Dila yana samun ƙarin 2% a kan kowane mataki. Ga yadda aka saba rubuta ta a karon farko:

```
=IF(C2="dila",IF(B2>=500,17%,IF(B2>=100,14%,IF(B2>=50,10%,IF(B2>=10,7%,2%))),IF(B2>=500,15%,IF(B2>=100,12%,IF(B2>=50,8%,IF(B2>=10,5%,0)))))
```

IF tara ce a ciki, wato bakan buɗewa tara. Idan ka ƙirga na rufewa za ka samu takwas: uku bayan 2%, biyar a ƙarshe. Ɗaya ya ɓace.

Gano inda bakan ya ɓace

Abin da hannu ke saurin yi shi ne ƙara baka a can ƙarshe. A nan ba zai yi ba. Wurin da ya ɓace yana tsakiya, bayan 2%, inda reshen dila ya kamata ya rufe da baka huɗu domin IF huɗu aka buɗe masa. Da yake uku aka rufe, IF ta biyu tana nan a buɗe, sai ta haɗiye dukan reshen da ke biye da ita a matsayin gurbi na huɗu. IF kuwa gurbi uku kawai take da su: sharaɗi, abin da za a bayar idan ya cika, da abin da za a bayar idan bai cika ba. Shi ya sa idan ka ƙara bakan a ƙarshe, Excel zai ce "You've entered too many arguments for this function", Google Sheets kuma zai nuna maka kuskure yana cewa ya samu gurbi huɗu alhali biyu ko uku yake jira. Wannan saƙon yana rikita mutane domin bai ambaci baka ba ko kaɗan, amma a cikin doguwar IF kusan kullum ma'anarsa ke nan: wata IF ba ta rufe a wurinta ba.

Kafin ka fara bincike, ka adana abin da ka rubuta. Excel ba ya barin ka fita daga akwati da fomular da bai karɓa ba, kuma idan ka danna Esc aikin ya tafi. Sa alamar ' a gaban alamar = sai ta zama rubutu zalla, ta zauna a akwatin ka duba ta a natse. Daga nan ka bi ta daga hagu zuwa dama kana ƙidaya: duk bakan buɗewa ka ƙara ɗaya, duk na rufewa ka rage ɗaya. Amfanin wannan ƙidayar ba jimillar ƙarshe ba ne kaɗai. A kowane waƙafi, lambar da kake riƙe da ita tana gaya maka a hawa na nawa kake. A misalinmu, waƙafin da ke raba reshen dila da na sauran mutane ya kamata ya same ka a hawa na 1, amma zai same ka a na 2. Nan ne ɓarakar take. Idan fomular tana buɗe kana gyara ta, Excel yana ba kowane baka da abokinsa launi ɗaya, na waje ɗaya kuma baƙi ne, don haka idan bakan ƙarshe bai fito baƙi ba, da sauran aiki.

Yanzu ga matsalar mai shiru. Mai lura zai ga cewa reshen dila ba wani abu ba ne illa reshen kowa da ƙarin 2%, don haka za a iya rage IF tara zuwa biyar. Tunani ne mai kyau. Amma a ce wajen rubutawa baka ɗaya ya sake ɓacewa bayan sifili, Excel ya kawo tayin gyara da kansa, ko Google Sheets ya cike bakan da ya rage a ƙarshe ba tare da tambaya ba. Abin da zai shiga akwatin shi ne wannan:

```
=IF(B2>=500,15%,IF(B2>=100,12%,IF(B2>=50,8%,IF(B2>=10,5%,0)))+IF(C2="dila",2%,0))
```

Buɗewa biyar, rufewa biyar, babu wani saƙon kuskure. Dilan da ya sayi 73 zai samu 10%, daidai. Dilan da ya sayi 120 zai samu 14%, daidai. Amma dilan da ya sayi 600 zai samu 15% maimakon 17%, domin ƙarin dila ya faɗa cikin gurbi na uku na IF ta farko, wurin da ba a zuwa sai idan yawan bai kai 500 ba. Wato kuskuren ya sauka ne a kan manyan masu saye kaɗai, waɗanda ba su da yawa a shafin, kuma su ne za su fi jin zafinsa. Saboda wannan nake cewa kada ka amince da gyaran da manhajar ta kawo maka sai ka karanta shi. Ita yawan baka take daidaitawa, ba ta san abin da kake nufi ba.

Ma'aunan zaɓi

Da wannan a zuciya, ga abubuwan da zan auna kowace hanya da su. Na farko tsada, wato wace sigar manhaja take buƙata, kuma ko dole sai an sabunta. Na biyu ƙarko: idan gobe aka canza ƙa'ida, wuri nawa za a taɓa? Gwajin da za mu yi wa kowacce shi ne ƙara sabon mataki, daga 250 a rage 13%. Na uku sauƙin karantawa ga wanda bai rubuta ta ba. Na huɗu, wanda na fi ba nauyi, shi ne haɗari: idan ta lalace, tana ihu ne ko shiru take yi?

Barin IF a cikin IF, amma a tsare

Wannan ba ta buƙatar komai sabo. Tana aiki a kowace sigar Excel, a Google Sheets, da LibreOffice Calc. Iyakar da ake yawan ambata ba ita ce damuwarka ba: Excel 2003 yana tsayawa a hawa 7, daga Excel 2007 kuwa an kai hawa 64, tsawon fomula kuma ya kai haruffa 8,192. Tun kafin ka kusanci waɗannan, kan mutum ya riga ya ɗauki zafi. Tsarin shi ne a ba kowane sharaɗi layinsa. A Excel ana sauka sabon layi cikin fomula da Alt+Enter, a Google Sheets da Ctrl+Enter, sannan Ctrl+Shift+U yana faɗaɗa wurin rubuta fomula a Excel ka ga duka.

```
=IF(B2>=500,15%,
 IF(B2>=100,12%,
 IF(B2>=50,8%,
 IF(B2>=10,5%,
 0))))
 +IF(C2="dila",2%,0)
```

Dubi yadda ido ke samun sauƙi: layi huɗu sun fara da IF, baka huɗu sun rufe, ƙarin dila yana tsaye shi kaɗai a waje. Dokar da ke hana ruɗewa ita ce kowace sabuwar IF ta shiga gurbi na uku na wadda ta gabace ta, kada a riƙa cusa wasu a na biyu wasu a na uku. Idan aka bi haka, duk bakunan rufewa suna taruwa wuri ɗaya.

Wajen ƙarko ba ta da ƙarfi. Ƙara matakin 250 yana nufin sabon layi a daidai wurinsa, tsakanin 500 da 100, da sabon baka a daidai wurinsa, sannan a ja fomular zuwa duk layukan ƙasa. Idan an manta wasu layuka ba a ja ba, shafin zai ƙunshi ƙa'ida biyu lokaci guda. Jerin ma yana da nasa tarkon. IF tana tsayawa ne a sharaɗin farko da ya cika, don haka da alamar >= dole a faro daga babba zuwa ƙarami. Wanda ya sa B2>=10 a sama, kowa daga 10 zuwa 5,000 zai samu 5%, kuma babu saƙon kuskure. Haka nan idan aka manta gurbi na uku a IF ta ƙarshe ta fomular farko mai IF tara, mai sayen guda 4 wanda ba dila ba zai ga FALSE a maimakon sifili.

Akwai wani haɗari da ba kowa ya sani ba. A Excel, idan aka kwatanta rubutu da lamba, rubutu ne ake ɗauka ya fi girma, ko wace lamba ce. To idan wani ya rubuta "babu" a B2, ko lambar ta shigo daga wani fayil a matsayin rubutu, sharaɗin B2>=500 zai cika, a ba shi rangwame mafi girma. Akwatin da ba komai a ciki kuma ana ɗaukarsa sifili. Maganin shi ne a sa ISNUMBER a gaba, wanda zai ƙara hawa ɗaya da baka ɗaya.

IFS

IFS an yi ta ne domin wannan ciwon. Baka ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe, tsakaninsu sharaɗi da amsa, sharaɗi da amsa, har zuwa sharuɗɗa 127.

```
=IFS(B2>=500,15%,
     B2>=100,12%,
     B2>=50,8%,
     B2>=10,5%,
     TRUE,0)
 +IF(C2="dila",2%,0)
```

Ƙara matakin 250 layi ɗaya ne, ba a taɓa baka ko ɗaya. Ga karatu kuwa, ko wanda bai saba da fomula ba zai gane ta da kallo ɗaya.

Tsadarta tana wajen siga. Tana cikin Excel 2019 zuwa sama da Microsoft 365, tana cikin Google Sheets da LibreOffice, waɗanda kyauta ne. Amma idan fayil ɗin ya je hannun mai tsohon Excel, kamar na 2013 ko 2010, zai ga sunan ya koma _xlfn.IFS, kuma da zarar akwatin ya sake lissafi sai #NAME? ya fito. Saboda haka tambayar ba ta tsaya a kan kwamfutarka ba, ta haɗa da ta duk wanda zai buɗe fayil ɗin.

Abin da IFS ta warkar baka ne kawai. Tarkon jeri yana nan, tarkon rubutu da ya fi lamba yana nan, lambobin kuma har yanzu a binne suke cikin fomula inda mai duba shafin ba ya ganinsu. Ta ma zo da nata sabon abu: ba ta da gurbin "in ba haka ba". Idan babu sharaɗin da ya cika, #N/A take bayarwa, shi ya sa ake rufe ta da TRUE. Wannan kuskuren dai yana da kirki, domin a fili yake fitowa.

SWITCH, wadda ta zo tare da IFS, ba ta dace da misalinmu ba. Ita tana neman daidaito ne cif, kamar a ce lamba 1 tana nufin kaza, 2 tana nufin kaza. Idan fomularka cike take da C2="wannan", C2="wancan" ana maimaita akwati ɗaya, to SWITCH za ta gajarta ta sosai. Ga matakan "daga kaza zuwa kaza" kuwa ba gidanta ba ne.

Tebur da VLOOKUP ko XLOOKUP

A nan tunanin ya canza gaba ɗaya. Idan ka kalli fomularmu da kyau, tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa a kan akwati ɗaya, lamba ce kawai ke canzawa. Duk inda ka ga haka, abin da ke hannunka tebur ne da aka tilasta masa zama fomula. Mayar da shi tebur. A F2 zuwa F6 rubuta farkon kowane mataki: 0, 10, 50, 100, 500. A G2 zuwa G6 rubuta rangwamen kowa: 0, 5%, 8%, 12%, 15%. A H2 zuwa H6 rubuta na dila: 2%, 7%, 10%, 14%, 17%. Fomular ta zama:

```
=VLOOKUP(B2,$F$2:$H$6,IF(C2="dila",3,2),TRUE)
```

TRUE ɗin ƙarshe shi ne zuciyar abin. Yana gaya wa VLOOKUP cewa idan ba ta samu lambar cif ba, ta ɗauki mafi girman lambar da ba ta wuce ta ba. Ga 73, babu 73 a ginshiƙin F, mafi girman da bai wuce shi ba 50 ne, sai a ɗauko amsa daga layin 50: ginshiƙi na 2 ya ba da 8%, na 3 ya ba da 10%. Ga dila mai 600, layin 500, ginshiƙi na 3, 17%. IF tara sun koma ɗaya, baka tara sun koma biyu.

Ba ta da tsadar siga, domin VLOOKUP tana ko'ina tun da daɗewa. Wajen ƙarko ta yi wa sauran fintinkau: matakin 250 sabon layi ne a tebur tsakanin 100 da 500, ba a buɗe fomula ba sam, kuma duk layukan shafin sun canza tare. Da yake an cusa layin ne a tsakiya, iyakar $F$2:$H$6 za ta faɗaɗa da kanta. Akwai wata riba kuma: da yake dila yana da ginshiƙinsa, ranar da aka ce ƙarinsa ba zai zama 2% a kowane mataki ba, gyaran akwati ɗaya ne. Kuma wanda ke da alhakin yanke ƙa'idar zai iya duba teburin ya tabbatar ko ya gyara, ko da bai san IF ba.

Haɗarinta yana buƙatar a tsaya a kansa, domin na gaske ne. Dole ginshiƙin F ya jeru daga ƙarami zuwa babba. Idan wani ya rubuta 250 a ƙasan 500, abu biyu za su faru: layin zai iya faɗawa wajen iyakar da fomula ta sani, kuma ko ya shiga, jerin ya karye, VLOOKUP kuma za ta iya dawo da amsar da ba daidai ba cikin shiru. Na biyu, alamar $. Idan ka manta ta ka ja fomular ƙasa, iyakar teburin za ta riƙa zamewa layi bayan layi, layin farko ya fito daidai, na ƙasa su fara ba da #N/A. Na uku, idan aka sa FALSE a madadin TRUE, 50 da 100 za su yi aiki amma 73 zai ba da #N/A. Na huɗu, kada a fara teburin daga 10; duk lambar da ta gaza layin farko #N/A take samu, shi ya sa layin sifili ya zama dole. Ya fi kyau a ajiye teburin a shafinsa daban, domin idan yana gefen bayanan, wanda ya share ko ya cusa cikakken layi zai taɓa shi ba da saninsa ba.

Amma ka lura da yanayin yawancin waɗannan kurakuran: suna fitowa fili. Har rubutun "babu" da ya yaudari IF da IFS, a nan #N/A zai bayar, wanda shi ne gaskiyar lamarin. Don Allah kada ka lulluɓe fomular da IFERROR domin shafi ya yi kyan gani, domin za ta rufe kowane irin kuskure, har wanda kake buƙatar gani. Idan kana son saƙo mai ma'ana, tambayi abin da kake zargi kai tsaye:

```
=IF(ISNUMBER(B2),VLOOKUP(B2,$F$2:$H$6,IF(C2="dila",3,2),TRUE),"duba yawa")
```

Mai Excel 2021 ko Microsoft 365, ko mai aiki a Google Sheets, zai iya amfani da XLOOKUP, wadda ba ta damu da jerin teburin ba a yanayinta na asali:

```
=XLOOKUP(B2,$F$2:$F$6,IF(C2="dila",$H$2:$H$6,$G$2:$G$6),,-1)
```

Lambar -1 tana nufin a ɗauki daidai ko na ƙasa da shi. Akwai kuma inda XLOOKUP ke yin abin da VLOOKUP ba ta iyawa cikin sauƙi. VLOOKUP ta dace da ƙa'idar "daga 100 zuwa sama", inda 100 ɗin kansa ya shiga sabon mataki. Idan ƙa'idarka "har zuwa 100" ce, wato 100 yana cikin tsohon mataki, sai ka rubuta ƙarshen kowane mataki a tebur ka sa 1 a madadin -1. Wannan bambancin na iyaka yana da daraja a tambaye shi tun kafin a rubuta komai.

Iyakar hanyar tebur ita ce sai sharuɗɗan sun zama iri ɗaya. Idan na farko yana duba kwanan wata, na biyu yana duba suna, na uku yana kwatanta akwati biyu, babu ginshiƙi ɗaya da za a nema a ciki.

Rarraba aikin: ginshiƙan taimako ko LET

Wannan ta irin waɗancan sharuɗɗan ce masu gauraye. Maimakon fomula ɗaya ta yi komai, D2 ya lissafa rangwamen mataki, E2 ya lissafa ƙarin dila, wani akwati ya haɗa su. Kowace fomula gajeriya ce, baka ɗaya ko biyu, kuma idan amsa ta fito ba daidai ba, kana ganin matakin da ya kauce da idonka. Da an bi wannan tun farko, kuskuren dila mai 600 ba zai samu wurin ɓuya ba, domin ƙarin yana akwatinsa. Tana aiki a kowace siga. Abin da take ci shi ne fili: shafin yana faɗi, kuma wanda bai san amfanin ginshiƙin ba zai iya share shi, sai #REF! ya bayyana. Ka ba kowane ginshiƙi suna mai bayani a samansa.

LET tana yin wannan rarrabawar a cikin akwati ɗaya, ta hanyar ba kowane mataki suna:

```
=LET(tushe,VLOOKUP(B2,$F$2:$G$6,2,TRUE),
     kari,IF(C2="dila",2%,0),
     tushe+kari)
```

Tana karantuwa kamar magana, amma sai Excel 2021 zuwa sama ko Microsoft 365, ko Google Sheets, ko LibreOffice 24.8 zuwa sama, kuma sakamakon matakan tsakiya ba ya bayyana a shafi kamar yadda yake a ginshiƙan taimako.

A taƙaice a tebur

| Hanya | Sigar da take buƙata | Ƙara mataki | Karantawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| IF a tsare | Kowace | Sabon layi da sabon baka, a sake ja | Da sauƙi har hawa 3 ko 4 | Baka ko jeri ya kauce cikin shiru |
| IFS | Excel 2019 zuwa sama | Layi ɗaya, a sake ja | Da sauƙi sosai | Jeri, #NAME? a tsohon Excel |
| Tebur da VLOOKUP | Kowace | Layi a tebur kawai | Da sauƙi, lambobi a fili | Tebur da bai jeru ba. Manta $ |
| Tebur da XLOOKUP | Excel 2021 zuwa sama | Layi a tebur kawai | Da sauƙi | Ba ta aiki a tsohon Excel |
| Ginshiƙan taimako | Kowace | A taɓa mataki ɗaya | Kowane mataki a bayyane | A share ginshiƙi bisa kuskure |
| LET | Excel 2021 zuwa sama | A taɓa suna ɗaya | Da sauƙi ga wanda ya saba | Matakai ba sa fitowa a shafi |

Gwaji kafin a share tsohuwar

Ko wacce ka zaɓa, kada ka rubuta sabuwar a kan tsohuwar. Sa ta a ginshiƙin gefe, ka gwada su biyun da lambobin bakin iyaka: 9 da 10, 49 da 50, 99 da 100, 499 da 500, kowacce sau biyu, da dila da wanda ba dila ba. Ƙara akwati wofi, da rubutu, da "dila " mai sarari a bayansa, domin wannan sararin da ido ba ya gani ya isa ya hana ƙarin 2%, maganinsa kuwa TRIM. Ka rubuta amsar da kake tsammani da hannu daga ƙa'idar kanta, domin tsohuwar fomular ma tana iya zama mai laifin. Inda suka saɓa, zaɓi ɓangaren da kake zargi a cikin fomular ka danna F9 ka ga abin da ya bayar, sannan ka fita da Esc don kada lambar ta maye gurbin ɓangaren. Evaluate Formula da ke ƙarƙashin Formulas ma yana bin ta mataki-mataki.

Wa ya dace da wace

Idan sharuɗɗanka biyu ne ko uku kuma ba sa canzawa, ka bar IF ɗinka, ka tsara ta layi-layi, ka wuce. Kafa tebur domin wannan wahala ce kawai.

Idan matakan lamba ne a kan akwati ɗaya, kamar rangwame, maki, ko kaso bisa yawa, kuma sun kai huɗu ko ana sa ran za a canza su, ka koma tebur. A nan ba na jin akwai gardama. Yi amfani da VLOOKUP idan fayil ɗin zai yi yawo hannu daban-daban, XLOOKUP idan ka san sigar kowa ko kuma iyakarka ta "har zuwa" ce.

Idan sharuɗɗan iri daban-daban ne amma a jere suke, wanda ya fara cika shi ne amsa, kuma kowa yana da Excel 2019 ko sabo, IFS ce taka, da TRUE a ƙarshenta. Idan akwati ɗaya ake ta kwatantawa da sunaye ko lambobin shaida, SWITCH ta isa, sai dai idan jerin yana ƙaruwa, to shi ma tebur ne, da FALSE a ƙarshen VLOOKUP wannan karon.

Idan kuwa fomular ta rassa ce, sharaɗi a cikin sharaɗi ta ɓangarori biyu, ko kuma wani ne zai gaje ta bayanka, ko za a bincika lissafin, ka rarraba ta zuwa ginshiƙan taimako. LET ka ajiye ta ga lokacin da dole amsar ta zauna a akwati ɗaya kuma masu buɗe fayil ɗin suna da sigar da ta san ta.